Na sha ruwan leda 12 a hanyar Wudil, amma na dawo ba lafiya. Nawa ya kamata in ƙara?

Mai Keken Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara. Ranar Asabar ni da abokai biyu muka tuƙa keke daga Kano zuwa Wudil muka dawo, awa huɗu da rabi har da hutu. Kun dai san yadda Afrilu take a garin nan. Saboda tsoron zafi, kafin mu tashi na sha lita ɗaya, a hanya kuma na ƙirga ruwan leda 12 da na sha. Duk inda muka tsaya sai na sha biyu, ko da ba na jin ƙishirwa. Duk da haka muna dawowa kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi, na yi amai sau ɗaya da na isa gida. Yatsuna sun kumbura har zobena ya ƙi fita. Abokaina ba su sha rabin abin da na sha ba, kuma garau suke. Jikina ne ya fi nasu buƙatar ruwa? Nawa zan ƙara a tafiya ta gaba?

Kocin Unguwa:
Wa alaikumus salam. Sannu. Rashin ruwa ne wannan, alamunsa ke nan: ciwon kai, jiri, amai. Ni yarana kullum ina gaya musu kada su jira ƙishirwa, duk wanda ya ji ƙishirwa ya riga ya makara. Ka riƙa sha har sai fitsarinka ya zama fari tas kamar ruwa.

Baba Tsohon Soja:
Ba ruwa ba ne matsalarka yaro, gishiri ne. Mu lokacin da muke tafiyar ƙasa da kaya a baya, ka ga riga ta bushe da farin zane kamar an shafa alli. Wannan gishirin jikinka ne ya fita. Ka jefa gishiri ko 'yar kanwa a gorarka, magana ta ƙare.

Dakta Mai Gudu:
Malam Mai Keke, sannu da jiki. Kafin kowa ya ce ka ƙara, tambaya uku. Ka yi fitsari a hanya? Da ka dawo kana jin ƙishirwa, ko ganin ruwan ma tayar maka da zuciya yake? Da daddare yaya fitsarin ya kasance?

Mai Keken Gyaɗi-Gyaɗi:
Dakta, a hanya sau ɗaya kawai, kaɗan. Ƙishirwa kam babu, cikina a cike yake ina jin ruwa na kaɗawa. Bayan magariba ne na fara zarya banɗaki, fari tas, kusan duk rabin awa har tsakar dare. Da safe yatsun sun sace.

Dakta Mai Gudu:
To. Ban duba ka ba, kuma ba a auna jininka ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Amma abin da ka bayyana ya fi kama da wanda ruwa ya yi wa yawa, ba wanda ya rasa ba. Ledar ruwa rabin lita ce. Leda 12 lita 6 ke nan, ga lita ɗaya ta gida, lita 7 cikin abin da bai kai awa biyar ba.

Ga yadda abin yake. A cikin jini akwai sinadarin sodiyam, wanda muke samu daga gishiri, kuma jiki yana riƙe shi tsakanin 135 zuwa 145 a ma'aunin da muke amfani da shi a asibiti. Idan mutum ya zuba ruwa fiye da abin da yake fitarwa ta gumi da fitsari, jinin ya tsinke, kamar miyar da aka yi ta ƙara wa ruwa ba a ƙara gishiri ba. Sai ruwan ya riƙa shiga cikin ƙwayoyin jiki suna kumbura. A yatsa ba komai, zobe ne kawai zai matse. A ƙwaƙwalwa kuwa babu wurin kumbura, ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Daga nan ciwon kai da amai suke zuwa, in ya yi tsanani mutum ya rikice, ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, har a rasa shi.

Za ka ce ai ƙoda za ta fitar da rarar. A zaune ma ƙoda ba ta iya fitar da fiye da kusan lita ɗaya a awa. A lokacin doguwar wahala kuma jiki yakan saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa ba ka yi fitsari a hanya ba, sai da ka huta umarnin ya ɗage, duk rarar ta fito da daddare.

Kocin Unguwa:
Dakta, da girmamawa, yanzu ruwa ne zai yi wa mutum illa a zafin Kano? Ni shekara goma sha ina horar da yara ban taɓa ganin wanda ruwa ya kayar ba. Wanda rashinsa ya kayar kam na gani da yawa.

Dakta Mai Gudu:
Gaskiyarka Koci, kuma a filin ƙwallo da wuya ka gani. Minti 90 ne, gudu mai ƙarfi, kuma damar sha kaɗan ce. Yaranka rashin ruwan ne haɗarinsu. Wanda wannan matsala take kamawa shi ne mai tafiya a hankali na awa huɗu ko fiye, wanda ba ya gumi sosai kuma yana da damar sha a kowace tsayawa.

Ba sabon abu ba ne. Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya rubuta a kansa tun 1985, bayan an gan shi ga masu dogon gudu irin na Comrades, mai kusan kilomita 90. A gudun fanfalaki na Boston na 2002 an ɗebi jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari sodiyam ɗinsu ya sauka ƙasa da 135. Abin da ya fi nuna wanda zai kamu shi ne nauyinsa ya ƙaru a lokacin gudun, sai kuma ɗaukar fiye da awa huɗu. A wannan gudun wata mai shekara 28 ta rasu sanadiyyar haka.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne alamun biyun suna kama da juna. Mutum ya zo da ciwon kai da amai, kowa ya ce a ɗura masa ruwa, alhali ruwan ne ciwon.

Gimbiyar Motsa Jiki:
Ni ma tambayata ke nan. Ina sa rigar leda a ƙarƙashin kayan motsa jiki in yi tafiya awa ɗaya, ina dawowa na ga na rage kilo ɗaya da rabi. Amma washegari ya dawo. Ruwan da nake sha bayan nan ne yake mayar da tumbin? In daina sha?

Ɗan Ikko:
Anti, wannan wata magana ce daban. Kilo ɗaya da rabin nan ruwa ne ba kitse ba, dole ya dawo. Ki cire ledar nan don Allah, gumi sai ya bushe a fata yake sanyaya jiki, ke kuma kin toshe masa hanya.

Dakta Mai Gudu:
Ɗan Ikko ya faɗi daidai, ki cire ta Hajiya, kuma ki sha ruwanki. Amma kin kawo abin da nake son zuwa kansa, wato sikeli. Shi ne zai raba gardamar nan.

Malam Mai Keke, ga aikin gida. Ka yi fitsari, ka cire kaya, ka hau sikeli ka rubuta. Ka tuƙa awa ɗaya ko biyu da irin saurin da ka saba, a irin lokacin da ka saba fita. Ka ƙirga duk abin da ka sha. Da ka dawo ka cire jiƙaƙƙun kaya, ka goge jiki, ka sake hawa sikelin kafin ka ci ko ka sha wani abu. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Ka haɗa abin da ya ragu da abin da ka sha, in ka yi fitsari a hanya ka cire ƙiyasinsa, ka raba da yawan awanni. Abin da ya fito shi ne guminka a awa. Sikelin ya zama mai nuna ɗigo, na allura ba zai nuna maka giram 300 ba.

Baba Tsohon Soja:
Duk wannan lissafi, 'yata, ba ki ce komai a kan gishirin ba. Na ce gishiri ne ya fita.

Dakta Mai Gudu:
Ina zuwa Baba, ban manta ba. Kana da rabin gaskiya. Gumi yana fita da gishiri, kuma mutane sun bambanta ƙwarai. Matsakaicin mutum yana rasa kamar giram 2 zuwa 3 na gishiri a kowace lita ta gumi, wato kusan rabin cokalin shayi. Wani giram ɗaya ne kawai, wani ya kai 4 ko 5. Masu farin zane a riga da hula, waɗanda gumi ke yi wa zafi a ido, sau da yawa suna cikin na sama.

Amma ka lura da wannan: gumi bai kai jini gishiri ba. Don haka wanda ya yi gumi bai sha komai ba, gishirin jininsa ƙara kauri yake, ba raguwa ba. Sai an zuba ruwa mai yawa a kai ne yake tsinkewa. Shi ya sa gishiri ba ya ceton wanda ya sha fiye da kima. A binciken Boston ɗin nan, waɗanda suka sha lemon 'yan wasa mai gishiri da waɗanda suka sha ruwa zalla ba su bambanta ba, domin gishirin da ke cikin lemon kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na jini.

Kanwa kuwa a bar ta a miyar kuka. Ba ka san ƙarfin wadda ka saya ba, kuma tana iya ɓata ciki a tsakiyar hanya.

Baba Tsohon Soja:
Mu dai mun sha ba mu mutu ba. Amma na ji.

Ɗan Ikko:
Bari in kawo nawa, don kada a ɗauka kowa rage sha zai yi. Ni a Zariya na tashi, aiki ya kawo ni Legas, kuma na yi gudun fanfalaki na nan da ake yi a Fabrairu. A gida, lokacin bazara, sai in yi gudun awa ɗaya rigata kusan a bushe, in ɗauka ban yi gumi ba, ashe iska ce take shanye shi nan take. A nan kuwa minti goma na jiƙe sharkaf, gumi na ɗiga daga gwiwar hannu, amma zafin jikin bai sauka ba saboda iskar cike take da laima, ba ta ɗaukar komai. Na yi gwajin sikelin nan, nauyina kilo 66, na samu ina zubar da lita 1.8 a awa. Cikina kuma ba ya ɗaukar fiye da kamar leda ɗaya da rabi a awa in ina gudu, in na ƙara sai ya riƙa kaɗawa. To ni yaya zan yi? Ba zan taɓa mayar da abin da nake rasawa ba. Kuma in na jira ƙishirwa kamar yadda wasu ke cewa, a kilomita 30 na gama yawo.

Dakta Mai Gudu:
Kai kana ɗaya gefen, kuma ba a bukatar ka mayar da duka. Abin da aka fi ba da shawara shi ne kada ragin ya wuce kamar kashi 2 cikin ɗari na nauyinka, a wurinka kilo 1.3 ke nan. Ba katanga ba ce da in ka tsallake za ka faɗi. Haile Gebrselassie ya ci gudun Dubai na 2009 bayan ya rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Amma shi awa biyu da 'yan mintuna ya yi, kuma ba jikinmu ɗaya ba, kada wani ya gwada.

A lissafinka kana samun giɓin kusan lita ɗaya duk awa. Awa huɗu, kilo huɗu, kashi 6 cikin ɗari. Wannan ya yi yawa a zafi. Kai kam tsari kake buƙata: ka fara sha tun da wuri kaɗan-kaɗan, ka koya wa cikinka ɗaukar ƙari a lokacin atisaye, ka riƙa zuba ruwa a kai da wuya, sannan ka rage sauri, domin saurin ne ke haifar da zafin da ke jawo gumin. A Doha a 2019 an fara gudun mata da tsakar dare don gudun rana, amma saboda laima mata 28 cikin 68 ba su ƙarasa ba. Ƙwararru ne, kuma ruwa bai yanke musu ba. Ruwa ba ya maganin laima.

Kocin Unguwa:
To kin dawo kan maganata ke nan. Kada a jira ƙishirwa.

Dakta Mai Gudu:
Ga Ɗan Ikko, e. Ga Mai Keke, a'a. Masana ma ba su gama daidaitawa a kan wannan ba, wasu sun ce ƙishirwa ta isa jagora, wasu sun ce a yi tsari. Ni abin da na tsaya a kai: ƙishirwa tana kare mutum daga shan da ya wuce kima, sikeli kuma yana gaya wa mai yawan gumi ko ƙishirwarsa tana barin sa a baya. Inda ba zan bi ka ba shi ne maganar fitsari fari tas. Ruwan ɗorawa mai haske ya isa, kuma na farkon safiya ake dubawa. Wanda yake bin fari tas a tsakiyar tafiya zai yi ta ɗura ne.

Mai Keken Gyaɗi-Gyaɗi:
Na dawo da sakamako. Yau na fita ƙarfe shida da rabi, awa biyu cif. Kafin fita kilo 72.0. Na sha leda biyu, ban yi fitsari ba. Da na dawo kilo 71.2.

Ɗan Ikko:
Giram 800 da lita ɗaya, lita 1.8 a awa biyu. Wato 0.9 a awa. Rabin nawa ke nan, malam, kuma ka fi ni shan ruwa!

Dakta Mai Gudu:
Madalla. Mu ɗora shi a kan tafiyar Wudil. Awa huɗu da rabi sau 0.9, kusan lita 4. Amma gwajinka na sanyin safiya ne, awannin ƙarshe na waccan tafiyar rana ta take, don haka mu ce lita 4 da rabi, ko ma 5. Ka sha 7. Ka dawo gida da rarar lita biyu ko fiye a jikinka, kuma ga gishirin da ya fita da gumi, wataƙila giram 10, ba ka ci komai da zai mayar ba. Da ka hau sikeli ranar da ka ga ka fi nauyin da ka fita da shi.

Tafiya ta gaba: kashi 2 cikin ɗari na kilo 72 kusan kilo 1.4 ne, wannan an yafe maka shi. Abin da ya rage lita 3 zuwa 3 da rabi, leda 6 ko 7 a duk tafiyar. Kamar leda ɗaya duk minti 40, ka ɗan ƙara in rana ta ɗaga kuma kana jin ƙishirwa, ka dakata in ciki ya fara kaɗawa. Kafin fita leda ɗaya ta isa. A Wudil ka ci wani abu mai gishiri, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko 'yar gurasa da yaji, da dabino don ƙarfi. Da ka dawo abincin gida da miyarsa zai mayar da sauran.

Ka sake gwajin da tsakar hantsi wata rana, kuma ka sake shi da damina. Lambar ba ta zama wuri ɗaya. Wanda ya yi kwana 10 zuwa 14 yana atisaye a zafi ma guminsa yakan ƙaru, gishirin cikinsa kuma ya ragu.

Maman 'Yan Biyu:
Dakta, ORS ɗin da muke ba yara in suna gudawa fa? Maigidana yana zuba shi a gora in zai fita gudu.

Dakta Mai Gudu:
Ba laifi in an haɗa shi daidai da yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar. Ya fi lemon 'yan wasa gishiri nesa ba kusa ba, sukarinsa kuma kaɗan ne, don haka ba zai ba shi ƙarfi sosai ba. Na gida shi ne cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya. Ga mai yawan gumi mai farin zane a doguwar tafiya, gora ɗaya ta wannan da sauran ruwa zalla ya yi. Gudun da bai kai awa ɗaya ba ruwa kawai ya isa. In yana da hawan jini ko ciwon ƙoda, ko yana shan maganin da ke sa fitsari, ya fara magana da likitansa.

Kocin Unguwa:
Ɗaurewar jijiya fa? Yarana in ƙafa ta ɗaure a minti na 80 muna ba su ruwan gishiri kuma yana aiki.

Dakta Mai Gudu:
Nan kam ba a gama ba. An gwada jinin masu gudun da ƙafarsu ta ɗaure da na waɗanda ba ta ɗaure ba, ba a ga wani bambanci a gishiri ba, shi ya sa da yawa suke ganin gajiyar tsoka ce. Kuma ruwan gishirin da ka ba yaro bai isa ya shiga jini cikin minti biyu ba, amma ka miƙar masa da ƙafar a lokacin, ko ba haka ba?

Kocin Unguwa:
Muna miƙarwa mana. Amma ni na ga yaron da duk wasa sai ta ɗaure masa, muka fara ba shi abinci mai gishiri kafin wasa, ta daina.

Dakta Mai Gudu:
Ban ƙaryata ba, akwai masu gumi mai gishiri da ake ganin haka a wurinsu. Yaro ɗaya dai ba zai gaya mana na sauran ba.

Abu ɗaya da ba na so ya ɓace a cikin hirar nan. In abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya yi ta amai, kada a ɗura masa ruwa. A kai shi inuwa, in jikinsa ya yi zafi rau a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, domin yana iya zama zafi ne ya buge shi, a nufi asibiti. A can a gaya musu adadin abin da ya sha kafin a sa masa ƙarin ruwa, su auna gishirin jininsa. Kuma a daina haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak kafin doguwar tafiya, suna takura ƙoda a lokacin da take cikin wahala.

Mai Keken Gyaɗi-Gyaɗi:
Innalillahi. Na sha guda biyu da asuba ranar, saboda gwiwata.

Ɗan Ikko:
Ashe kai ka haɗa su duka. Asabar ɗin nan Wudil ɗin za ku koma?

Mai Keken Gyaɗi-Gyaɗi:
In sha Allahu, amma ƙarfe shida za mu tashi. Leda 7 da ƙullin gyaɗa. Zan hau sikeli kafin da bayan in kawo muku lambar. Baba, gishirin naka yana cikin gyaɗar.

Baba Tsohon Soja:
A soya ta da gishiri sosai dai, ba irin ta 'yan talla ta yanzu ba.